Mun yanka faranti da awon da ba shi ba, Onshape ne ya ci mu ko mu ne muka ci kanmu?

Sadiq_Mech:
Salam jama'a, dan Allah masu amfani da Onshape, manhajar zanen injina a kwamfuta, ku taimaka kafin mu yi faɗa da abokina. Mu uku ne muke aikin firojet na ƙarshe, injin sussukar masara, duk a document ɗaya muke zane. Ranar Litinin muka yi Version muka sa mata V3, a lokacin shaf ɗin 25mm ne boris kuma UCP205. Sai Kabiru ya ce shaf ɗin ya yi siriri bari ya gwada 30mm amma ba zai taɓa Main ba wato babban zanenmu, ya cire reshe daga V3 ya yi ta aikinsa a can, ni kuma na ci gaba a Main ban ma san ya gama ba. Ranar Alhamis na fitar da fayil ɗin DXF na farantin da boris ke zama a kai na tura wa mai yanka, shi kuma Kabiru ya je kasuwa ya sayo UCP206 guda biyu, da muka kawo sai ramukan suka ƙi haɗuwa, ramukan faranti an huda su da tazarar 105mm boris yana neman 121mm. Cikin ɓacin rai na koma na yi Merge na reshensa cikin Main don komai ya zama ɗaya, yanzu abubuwa huɗu sun yi ja a jerin Features, kuma kaurin farantin da na mayar 8mm ya koma 10mm babu wanda ya tambaye ni. Wai haka abin yake ko akwai inda na danna ba daidai ba?

Mubarak Dev:
Ai kamar Git ne malam, wanda muke ajiye tarihin kod da shi. In ku biyu kun taɓa abu ɗaya dole ya tsayar da kai ya nuna maka rikicin ya ce ka zaɓa, ƙila ka danna ne da sauri baka karanta ba. Ka yi Ctrl+Z kawai.

Sadiq_Mech:
Wlh babu abin da ya tambaye ni game da 8 ko 10. Akwati dai ya fito da jerin tabs ɗinmu, na bar shi yadda yake na danna.

Injiniya Rabi:
Mubarak rabin maganarka gaskiya ce, tsarin reshe da tarihi ya yi kama da Git, amma a wajen maja sun rabu. Onshape ba ya tsayar da kai a kan lamba ɗaya ɗaya. In an canza abu ɗaya a ɓangare biyu, na wanda aka ɗauko shi ke cin na wanda aka zuba wa, shiru babu sallama. Sadiq kana tsaye a Main ka jawo reshen Kabiru, to reshen ne mai iko, shi ya sa 10 ɗinsa ta hau kan 8 ɗinka tunda Extrude ɗaya kuka taɓa ku biyun. Akwatin da ka gani zaɓi yake ba ka a kan kowane tab gaba ɗayansa, ko a haɗa canje-canjen, ko a bar naka yadda yake, ko a maye shi da nasa, ba ya sauka zuwa kan awo.

Jan da ka gani kuma wani abu ne daban. Tambaya zan yi maka, tsakanin Litinin da Alhamis ka goge wani abu a Part Studio ɗin farantin nan?

Sadiq_Mech:
Eh Anti Injiniya, akwai wani Sketch na ƙafar faranti da na ga ya yi kaca-kaca sai na goge na sake zana sabo, siffar dai iri ɗaya ce sak.

Injiniya Rabi:
To nan ne. A idonka iri ɗaya ce, a wajen Onshape layukan sabbi ne, kowane layi da kowace fuska suna da lambar shaida a ciki wadda ba ka gani. Kabiru a reshensa ya ɗora sabbin ramukansa da Mate connector ɗinsa a kan fuskar tsohon Sketch, kai kuma ka kashe tsohon a Main, da aka haɗa sai nasa suka zo suna neman fuskar da ta riga ta mutu, dole su yi ja. Ba lalacewa suka yi ba, marayu ne kawai. In ka buɗe kowanne za ka ga gurbin da ke cewa abin da yake dogara da shi ya ɓace, ka sake zaɓa masa sabuwar fuskar. Ka fara da na sama, sau da yawa in ka gyara na farko sauran ukun suna warkewa da kansu don a kansa suke tsaye.

Amma ni ba zan gyara a Main ba. Buɗe Versions and history, za ka ga majar da ka yi a matsayin layi guda a tarihi, ka danna dama a kan layin da ke ƙasanta wato abin ƙarshe da aka yi kafin maja, ka yi Restore. Main zai koma yadda yake da 8mm ɗinka babu ja.

Sadiq_Mech:
In na yi Restore aikin Kabiru ba zai tafi ba? Don in ya tafi yau ba zan kwana a hostel ba 😂

Injiniya Rabi:
Ba zai tafi ba, reshensa yana nan yadda ya bar shi, maja kwafar canji take yi ba kwashewa ba. Kuma Restore ɗin kansa ba ya share tarihi, sabon layi yake ƙarawa a sama, ko majar da ka janye tana nan za ka iya komawa kanta gobe. Abin da kawai za ka kiyaye, ka tambayi ta ukunku ko ta yi wani aiki a Main bayan majar, don komawa baya zai tafi da nata ma. Ni an taɓa yi min haka, na kwana ina jera Assembly wani yaro ya zo da safe ya mayar da Main zuwa jiya saboda rami ɗaya da ya ɓata, sai da muka bi tarihi muka dawo da shi, ba a rasa komai ba amma rabin yini ya tafi.

Issoufou Maradi:
Salamu alaikum. Ni ma ina son wannan lojisiyel ɗin, a ina ake sauke shi? In da mai shi a kile na USB ya turo min, nan rezo ba ya zama.

Mubarak Dev:
Malam Issoufou ba a sauke shi, a burauza yake aiki, Chrome ko Firefox, ka buɗe akawun kawai. Akwai manhajar waya ma ta Android da iPhone. Amma in babu intanet babu aiki, ko buɗe zanen ba za ka iya ba.

Issoufou Maradi:
To in kuran ya ɗauke ina tsakar aiki ban ajiye ba fa?

Mubarak Dev:
Babu ma maɓallin Save a cikinsa, duk abin da ka kammala ka danna alamar kore ya riga ya shiga tarihi a can wajensu. Abin da za ka iya rasawa shi ne wanda kake tsakar yi baka tabbatar ba. Matsalarka dai rezon ce ba wuta ba, in yana yankewa kowane minti biyar za ka tsani rayuwarka.

Oga Ɗanlami Panteka:
Ku yara kuna ta turanci a kan faranti. 121 a cire 105 saura 16, takwas kenan kowane gefe. Ku kawo min in ja ramin da fayil ko in cike da walda in sake hudawa, aikin awa ɗaya ne. Ba sai an sake sayen ƙarfe ba.

Sadiq_Mech:
Oga Allah ya ƙara girma, mu ma mun yi wannan tunanin, amma malaminmu zai duba ya ga ɗinki.

Injiniya Rabi:
Oga Ɗanlami ramin zai gyaru a hannunka ban musa ba, sai dai ba rami kaɗai ya canza ba. UCP205 tsayinsa daga gindi zuwa tsakiyar shaf 36.5mm ne, UCP206 kuma 42.9mm. Shaf ya tashi sama da 6.4mm kenan in farantin yana inda yake. A injin sussuka wannan ba ƙaramin abu ba ne, tazarar da ke tsakanin haƙoran ganga da rariyar ƙasa ta ƙaru da 6.4, ta sama wajen murfi ta ragu da 6.4, fuli ma ya matsa don haka bel zai canza ɗauri. Notin 206 ma ya fi kauri, ramin sai an faɗaɗa. Sadiq ka duba reshen Kabiru ko ya sauke farantin ƙasa ko ya bar shi, ka zaɓi V3 da reshen ka yi Compare, zai jera maka Features ɗin da suka bambanta ya kuma nuna siffofin biyu a kan juna da launi daban.

Oga Ɗanlami Panteka:
Hajiya wannan gaskiya ne, ban lissafa tsayin ba. To in ganga ta yi nisa da rariya masara za ta fita da totuwa ba ta sussuku ba. Amma dai ni abin da ke damuna da masu kwamfutar nan, mutum ya turo maka zane da safe, la'asar ya turo wani ya ce wancan tsoho ne, duka biyun sunansu ɗaya, babu kwanan wata babu komai. Na sha yanka ƙarfe a banza saboda haka kuma a ƙarshe ni ake cewa na ɓata.

Injiniya Rabi:
Oga ka taɓo ainihin ciwon, majar ma daga baya ta zo. Kuɗin su Sadiq ya tafi ne tun ranar Alhamis, lokacin da aka fitar da DXF daga Main aka sayo boris daga reshe. Main wuri ne mai motsi, abin da ke cikinsa ƙarfe goma ba lallai shi ne na sha ɗaya ba. Version kuwa daskararriya ce, ba mai iya canza ta ko mai document ɗin. A wajen aikinmu doka ce, duk abin da zai fita zuwa mai yanka ko mai walda ko kasuwa daga Version ake fitar da shi, a buɗe Version ɗin a yi Export daga cikinta, sunan fayil ya ɗauki lambarta, kamar haka:

```
faranti_boris_V4.dxf
```

Jerin kayan saye ma daga V4 ɗin. Da Kabiru ya tambaya wace Version ce ta ce a sayi 206, da ya ga babu, da bai je kasuwa ba.

Tarko ɗaya a nan, Drawing ba ya bin canji da kansa, sai ka danna masa maɓallin sabuntawa da ke yin ruwan ɗorawa a sama. In ka canza faranti ka yi Version baka sabunta Drawing ba, ka daskarar da sabon ƙarfe da tsohon zane a wuri ɗaya, kuma PDF ɗin da Oga zai karɓa tsohon awo zai nuna. Drawing kuma ba ya haɗuwa a maja, ko ka bar naka ko ka ɗauki nasa dungurungum, don haka kada mutum biyu su yi ta zuba awo a Drawing ɗaya a reshe biyu, aikin ɗaya zai tafi.

Kabiru A.:
Toh na shigo, an turo min cewa ana shari'ata a nan. Ni fa na faɗa a gurup ɗinmu ranar Laraba cewa 30mm ta yi, Sadiq ya sa min alamar babban yatsa, ni na ɗauka an amince kenan. Kuma eh na sauke farantin da 6.4, ban manta ba. 10mm ɗin kuma saboda boris ya ƙara nauyi ne.

Sadiq_Mech:
Yatsan na nufin na gani ne ba na yarda ba malam. Kuma 8mm muke da ita a ƙasa, ragowar wadda muka saya a Ƙofar Ruwa, wa zai sake ba da kuɗin 10?

Injiniya Rabi:
Wannan ku za ku yanke, Onshape ba zai zaɓa muku kauri ba. Ga dai yadda zan bi in ni ce. Bayan Restore, Sadiq ya yi Version a Main don a samu wurin komawa mai suna. Sai Kabiru ya shiga reshensa ya jawo Main zuwa cikinsa, akasin abin da aka yi jiya. Jan nan huɗu zai fito amma a reshe, shi ya san ramukansa, ya zauna ya gyara a natse Main na nan lafiya kowa na aikinsa. Ku lura a wannan karon Main ne aka ɗauko don haka 8 za ta ci 10, in kun yanke 10 sai ya sake sa ta da hannu. In ja ya ƙare ya buɗe Assembly ya tabbatar Mates ba su karye ba ganga tana juyawa ba ta cin murfi, sannan a mayar da reshen cikin Main, wannan majar ta biyu yawanci lami lafiya take wucewa don rigimar an riga an kashe ta a can. A sabunta Drawing, a yi Version, daga ita a fitar da DXF.

Kuma kaurin nan ku mayar da shi Variable tun yanzu, misali #kauri, duk inda ake buƙata a kira shi. Ba zai hana ɗaya ya ci ɗaya a maja ba amma wuri ɗaya za ku duba maimakon ku bi Extrude goma.

Mubarak Dev:
Ni a ganina ma kowa ya riƙe reshensa na dindindin, Sadiq nasa Kabiru nasa, kada kowa ya taɓa Main sai ranar Juma'a a haɗa. Haka muke yi a kod.

Injiniya Rabi:
A kod yana yi muku saboda fayil fayil ne kuma ana nuna muku rikici layi layi. A nan duk kwanan da reshe ya ƙara a waje, yawan fuskokin da wani zai goge a ƙarƙashinka ƙaruwa yake. Kwana uku kacal na su Kabiru ya haifi ja huɗu. Mutum uku suna iya aiki a Main lokaci ɗaya ba matsala, kana ganin alamar abokinka a kan tab ɗin da yake, in ka danna hotonsa sau biyu ma sai ka riƙa ganin allonsa. Reshe na gwaji ne mai tambaya ɗaya, shin 30mm za ta yi, a samu amsa a haɗa ko a watsar.

Mubarak Dev:
Ban gamsu gaba ɗaya ba Anti. Aiki tare a Main ɗin ma yana da nasa, ni na taɓa jan sandar nan ta rollback sama don in duba wani abu, abokina da ke Zariya ya kira ni a gigice wai rabin injin ya ɓace, ashe sandar ta kowa ce ba tawa kaɗai ba. In kowa na reshensa wannan ba zai faru ba.

Injiniya Rabi:
Wannan kam haka ne, na ba ka. Maganinsa a wajenmu shi ne kowa da Part Studio ɗinsa, mai firam daban mai ganga daban, a Assembly ake haɗuwa. Amma na san masu bin hanyarka kuma suna kai kaya.

Zainab_U:
Ni ce ta ukun, ban taɓa komai ba bayan majar, Sadiq ka yi Restore ɗinka. Tambayata daban ce, malaminmu ya ce a ba shi dama ya riƙa dubawa, kuma akwai wani ɗan ajinmu da ke son ya taya mu zanen hofa. Za a iya ba shi izinin gyara a reshe ɗaya kawai banda Main?

Injiniya Rabi:
A Share izini na document ne gaba ɗaya Zainab, in kin ba shi Can edit ya samu Main da duk rassa da duk tabs. In ba ki yarda da hannunsa ba, ya buɗe nasa document ya zana hofar a can, ya yi Version, ya ba ku izini mai alamar Link document, ku kuma ku saka ta a Assembly ɗinku. Abin da aka jawo daga wani document a kan Version yake tsayawa, ko ya canza nasa sau ɗari naku ba zai motsa ba, sai dai wata alama shuɗiya ta fito ta ce akwai sabuwa, ku kuke da zaɓin karɓa. In yana buƙatar awon bakin injin ku ba shi Can view.

Malam kuma Can view da Comment sun ishe shi, zai juya injin ya auna ya bar muku magana a kan fuskar da yake nufi. Ki duba ƙananan akwatunan da ke gefe, Copy, Export, Share, kowanne daban ake ba shi. Mai yanka alal misali Export kawai zai buƙata, ko da yake ni na fi son in tura masa fayil da hannuna, don in ya shiga da kansa Main zai fara gani mu koma gidan jiya. Share kuwa kada ki ba kowa sai ku ukun, mai shi yana iya shigo da wasu.

Zainab_U:
Na gode Anti. Amma yanzu na lura da wani abu, a jikin document ɗin an rubuta Public, ma'ana?

Mubarak Dev:
Ma'ana akawun ɗin kyauta aka buɗe shi da shi, Free plan, a can duk document na jama'a ne, duk mai akawun a duniya zai iya nemo shi ya gani ya kwafa, gyara naku ne dai ba zai iya ba. Kuma ba a yarda a yi aikin kasuwanci da shi ba. Tunda ɗalibai ne ku nemi na Education, shi ma kyauta ne kuma yana barin a rufe document.

Kabiru A.:
Innalillahi, ni na buɗe shi da Gmail ɗina tun zangon farko, ban san haka ba. Wato wata huɗu injinmu na waje kowa na kallo?

Oga Ɗanlami Panteka:
Kwantar da hankalinka yaro, injin sussukar masara muna ƙera shi a nan tun ba a haife ka ba, ba wanda zai sace naku 😂

Zainab_U:
Oga ba sata nake tsoro ba, 'yan ajinmu nake tsoro, in wata ƙungiya ta kwafa ta riga mu kai wa malam mu za a ce mun kwafa.

Injiniya Rabi:
In ta kai ga haka tarihin ne shaidarku, kowane layi da sunan wanda ya yi da ranar da lokacin, wanda ya kwafa kuma nasa tarihin daga ranar kwafar yake farawa. Saboda haka ma kada ku yi kwafi don ku koma Education, ku bar asalin document ɗin, ko Kabiru ya mayar da akawun ɗinsa na ɗalibi ya rufe shi, ko ya miƙa mallakar ga wanda ya riga ya samu ta Transfer ownership. Wanda ya riga ya kwafa dai ya kwafa, rufewa ba ta dawo da shi.

Sadiq_Mech:
Na yi Restore, Main ya dawo fes babu ja, na yi V4. Kabiru bismillah jawo Main cikin naka.

Kabiru A.:
Na jawo, ja uku ne ma ba huɗu ba, na gyara na farko biyu sun tafi tare, saura Mate connector ɗin boris na hagu ya ƙi, ina zaɓar fuskar yana juya min boris ɗin kai ƙasa. Kaurin kuma ya koma 8 kamar yadda Anti ta ce, ban taɓa shi ba tukuna amma ban yarda ba fa.

Oga Ɗanlami Panteka:
8 ta isa in kun sa mata haƙarƙari a ƙasa da guntun angul. Ku dai faɗa min zan ja ramin ne ko sabo za ku yanka, gobe sha biyu nake rufewa.

Sadiq_Mech:
Oga bari mu ga abin da ya rage a asusu tukuna. Kabiru akwai ƴar kibiya a akwatin Mate ɗin mai juya fuska, danna ta ka gani, in ta ƙi turo hoton allon.